Canki-Canka

Karo na uku ke nan Jacinta za ta rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, kuma mahaifinta Baba Yakubu ya riga ya yanke hukunci: in ta sake faɗuwa, sai ta tattara ta koma Kwoi wurin gwaggonta Rosemary, ta kama sana'ar yanka citta da shanya ta. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a sakandare a kewayen Kafanchan, ya yi ritaya da alli a farce, kuma a ganinsa duk wanda ya faɗi abu sau uku to ba rabonsa ba ne.

Shi ya tsara mata jadawalin bita, ya manna a ƙofar ɗakinta. Darussa huɗu za ta rubuta, a kowanne ya zaɓo mata batu biyar, waɗanda ya ce ƙwarewarsa ta nuna masa su ne ke fitowa. Kullum da safe ta rubuta dogon sharhi shafi uku a kan ɗaya, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa, da yamma ya zauna a baranda ya gyara. Da wannan dabara ta ci jarrabawar WAEC ta gama sakandare da kyau, gaskiya ne, don a takardar sharhi ana ba ka tambayoyi ka zaɓi waɗanda ka iya, ka baje kolinka. Wannan nasarar ce ta zame mata ƙarfen ƙafa. Duk lokacin da ta buɗe baki, sai ya nuna mata takardar sakamakon da ya sa wa gilashi a falo.

Ita kuwa ta zauna gaban kwamfutar jarrabawar JAMB sau biyu, ta san abin da ke ciki. Tambaya ɗari da tamanin cikin awa biyu, kowacce da amsa huɗu, ka danna ɗaya. Ba ka da zaɓin tsallake batun da ba ka karanta ba, don daga kowane lungu na manhaja ake ɗebo su. Bara ta samu ɗari da tamanin da ɗaya cikin ɗari huɗu, kuma ta san inda makinta ya zube: rabin tambayoyin ba ta taɓa jin labarinsu ba, sauran kuma lokaci ya ƙare tana tsaye tana tunani a kansu. Baba ya dubi makin ya ce matsalar rashin zurfi ce, ya ƙara mata shafi ɗaya.

Abin ya ishe ta ƙwarai. Ba ta iya ce masa ya yi kuskure ba, don a gidan nan ba a taɓa yi ba. Ba ta kuma iya yin biyu ba, sharhin safe yana cinye mata yini, hannunta har ya yi kanta. Sai ta sayi littafin tsofaffin tambayoyi ta ɓoye a jakar da take zuwa gwajin waƙa da ita a coci, tana leƙawa minti goma kafin a fara. Wannan kuwa ɗiban ruwan rijiya ne da cokali.

Ranar Laraba da rana, saura kwana tara, Baba ya ɗauki jakar yana neman biro, littafin ya faɗo.

"Jacinta! Wannan mene ne?"

"Tsofaffin tambayoyi ne, Baba."

Ya buɗe, ya taɓe baki. "A, B, C, D. Wannan ai canki-canka ne. Caca! Ni ina koya miki ilimi, ke kina nan kina wasan yara?"

Da a ce wata rana ce da ta sunkuyar da kai. Amma tsoron Kwoi ya fi tsoronsa yawa a ranar, sai ta ce, "Baba, shi ne jarrabawan. Ba wanda zai karanta rubutu na. Kwamfuta ne. Sakan arba'in kowane tambaya."

"Sakan arba'in ya yi yawa ma. Kawo agogo."

Ya gyara zama a kujerar baranda, ya buɗe darasin Gwamnati, wanda ya koyar tun kafin a haife ta. Tambaya arba'in, ta ba shi minti ashirin da bakwai. Ta farko da ta biyu ya kashe su yana murmushi. Ta uku ta ce: wane tsarin mulki ne ya kafa tarayya a Najeriya? Ga 1922, ga 1946, ga 1951, ga 1954.

"To, ai ya danganta," in ji shi, ya cire tabarau. "Na 1946 ne ya kawo yankuna. Na 1951 ya ba su majalisa mai yin doka. Dole mutum ya bayyana yadda abin ya taso kafin..."

"Babu wurin bayani, Baba. Ka cire biyun da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓa cikin sauran, ka wuce."

Ya san amsar 1954 ce, amma sai da ya ɓata minti biyu yana faɗa da wanda ya rubuta tambayar. Ta bakwai tana da ƙaramar kalmar nan "ban da" a tsakiya, idonsa ya tsallake ta, ya zaɓi kishiyar abin da ake nema. Ta goma a kan wata ƙungiyar ƙasashe ce da bai sa a batutuwansa biyar ba, bai ma tuna da ita ba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Jacinta tana riƙe da agogon, tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta ƙara masa lokaci a ɓoye, amma ba ta ƙara ba.

"Lokaci ya cika, Baba."

Yana kan ta ashirin da uku. Suka duba amsoshin a bayan littafi, ya ci goma sha huɗu.

Wani ɗan acaba ya wuce ta ƙofar gida yana gaishe shi da "Sannu, Sa," idon Baba na kan littafin. Can ya ce ta kawo masa manhajar jarrabawar. Ya bi darasin Gwamnati layi-layi da yatsa, yana sa alama a duk batun da ba su taɓa ba, ya juya zuwa na gaba, ya juya zuwa na gaba. Alamomin suka yi ta sauka har suka cika gefen takarda.

"Ya kamata a yi yaya?" Muryarsa ta yi ƙasa.

Ta gaya masa abin da ta sani tun bara. A bi manhaja duka ko da sama-sama ne, a yi gajerun rubutu na shekaru da ma'anoni, kullum a amsa tambayoyi da agogo a hannu, duk wadda aka faɗi a koma a karanta dalili. Kada a bar ko ɗaya ba amsa, tunda ba a rage maki in an kuskure. Aiki ne na wata uku, kuma wata ukun nan sun tafi a kan batu ashirin.

Da ta zaci ranar da ya gane za ta ji sanyi a ranta. Sai ga shi abin ya fi nauyi, don yanzu ba wanda za ta yi fushi da shi, sai wani tsoho riƙe da takarda cike da alamomi.

"Kwana tara," ya ce, bai dube ta ba. "Zai isa, Jacinta?"

Ta dubi alamomin nan. Ta san amsar, kuma ba ta cikin waɗanda za a iya gaya masa.

"Zai isa, Baba," ta ce. "Riƙe agogon."