Sunan da Bubakar ya rubuta

Ranar Talata da ƙarfe tara aka ce Bubakar ya zo buro, wato ofishin gwamnati, a Dakoro, likitan dabbobi zai gana da masu neman aikin allurar shanu. Likitan Bature ne, daga Maradi yake zuwa rangadi, kwana uku kawai yake yi. Mutum biyu za a ɗauka cikin bakwai. Bubakar ya yi shekara huɗu a lekol, makarantar boko, ya san saniya tun daga ƙaho har kofato, kuma ciwon bushiya ya cinye garken gidansu bara. In aikin nan ya kuɓuce masa, sai dai ya koma kiwon shanun wasu.

Talatar ta zo, ƙarfe tara ta same shi a ɗakin magani, riƙe da ƙafar 'yarsa ta fari. Kububuwa ce ta sare ta da sassafe a rugarsu kusa da Ajekoriya, ya ɗauko ta bisa raƙumi, jini na tsatsa daga dasashinta. Sai da la'asar malamin magani ya ce za ta tashi, sannan buro ya faɗo masa a rai.

Washegari ya tafi buro da kawunsa da ƙwaryar goro, don a wurinsu haka ake ba babba haƙuri. Mamani tafinta, wanda ya tsufa a bakin ƙofar Turawa, ya dubi goron ya yi dariya. Ya ce Bature ba ya cin goro, kuma maganar da ba ta hau takarda ba, a wurinsa ba a yi ta ba. An riga an ja layi bisa sunan Bubakar. Mamani ya zaunar da shi, ya faɗa masa yadda ake rubuta takardar: kwanan wata a sama, sannan rana da sa'ar da aka sa masa, ya amsa cewa bai zo ba, ya ba da haƙuri sau ɗaya ba tare da magiya ba, ya faɗi dalili a taƙaice, ya roƙi wani lokaci kafin likita ya tashi ran Alhamis. A haɗa da shaidar malamin magani mai hatimi.

Bubakar ya rubuta da Faransancinsa na lekol, tsaf. Da ya iso kan dalili sai ya sa: wata yarinya ta rugarmu maciji ya sare ta.

Ba ɓoye-ɓoye ba ne. Shekararta tara bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa cewa tasa ce a gaban mutane ba. 'Yar fari ce, kunyarta ake ji, haka ubansa ya yi masa shi ma. Kowa a ruga ya san son da yake mata, ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa.

Mamani ya shigar da takardar, bai jima ba ya fito da ita. Likita ya tambaya ne, yarinyar ba ta da iyaye? Ya ce mai barin aiki don kowane ciwon maƙwabta ba zai riƙe rangadin wata biyu a daji ba.

"Na ce mishi ɗiyarka ta," in ji Mamani. "Ya ce in haka na, mi ya hana ka rubutawa? Ni na san abin da ya hana. Shi bai sani ba, kuma gobe za shi tahiya."

Kawu ya kau da kai, ya shiga gyaran rawanin da bai kwance ba. Bubakar ya ji kunya ta rufe shi, ya kuma ji haushin kansa, don jiya da ƙafar nan ke kumbura a hannunsa ba abin da ba zai bayar ba. Ya karɓi sabuwar takarda, ya sake kwafe komi daga farko. Alƙalamin ya daɗe a sama kafin ya sauka. Ya rubuta: 'yata ta fari, Shafa'atu. Ya sa hannu, Mamani ya manna shaidar da allura.

Wannan karon an daɗe. Da takardar ta fito, akwai rubutu da jan fensir a gefe: Alhamis, ƙarfe bakwai, kafin mota ta tashi. Ba alkawarin aiki ba ne, in ji Mamani, ganawa ce kawai, ya zo da shirin amsa tambaya kan cututtukan shanu.

Daga nan ɗakin magani ya wuce. Yarinyar tana kwance bisa tabarma, ƙafar a naɗe, uwarta na yi mata fifita. Ta tambaye shi a hankali ko Baturen ya yi fushi saboda ita. Ya ce a'a, an sa masa gobe.

"Mi ka ce mishi?"

Ya dubi ƙofa, ba kowa sai uwar. Ya tsuguna ya gyara mata mayafi.

"Na ce Shafa'atu ce ba lahiya."

Yarinyar ta zuba masa ido, uwar kuma ta tsaya da fifitar.