Gwangwanin Dubiya

A ƙauyenmu da ke bakin kogin Perak babu wanda bai san cewa Opah Sepiah, wato Kaka Sepiah, ta samu miji a gindin motar Barewa ba. Ita da kanta take ba da labarin, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba. Tana 'yar makaranta, ranar wasannin guje-guje, motar kamfanin garin malti ta zo rabon kofi-kofi kyauta, mai sanyi kamar daga Aljanna aka ɗebo shi. Wani siririn yaro mai suna Mat Desa ya miƙa mata nasa kofin. Ta sha, ta shiga tsere, ta zo ta ɗaya. Daga baya ta aure shi, suka rayu har mutuwa ta raba. Wa zai iya gaya wa mace irin wannan cewa abin da ke cikin gwangwani mai hoton barewa gari ne kawai? A wurinta ƙuruciya ce, da soyayya, da ƙarfin ƙafa, duk an niƙe an rufe da murfi.

Yanzu abin da ya rage mata a duniya shi ne jikarta Balqis, 'yar shekara huɗu, wadda iyayenta suka bar mata saboda dukansu biyu suna aikin masana'anta a Penang. Yarinyar ce hasken gidan. Ita ce dalilin da ya sa tsohuwa take buɗe taga da safe.

Matsalar Balqis ɗaya ce: ba ta cin abinci. A sa mata shinkafa da kifi, sai ta juya kai kamar an nuna mata magani. To, kaka za ta zuba ido jika ta wuni da yunwa? Sai Opah ta ɗauko gwangwani, ta zuba cokali uku masu tozo, ta tsiyaya madarar gwangwani mai kauri, ta dama da ruwan zafi. Da safe haka, da hantsi haka, da la'asar haka. In za a kwanta kuma a zuba a bulumboti, yarinya ta yi barci da shi a baki. Kumatunta suka cika, maƙwabta suna yabawa, Opah tana cewa, “Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.”

Ita kanta tun da likita ya ce tana da ciwon sukari ta koma shan nata ba madara ba sukari, abin da muke kira kosong a shagon shayi. Cokali huɗu take zubawa don ya yi kauri, tana sha tana yaba wa kanta da bin dokar likita.

Ranar da Balqis ta tashi da kumburarren leɓe tana ihu, Opah ta kai ta asibitin haƙori na garin Parit. Ma'aikaciyar jinyar, Misi Kalaivani, ta ɗaga leɓen yarinyar ta duba. Haƙoran sama guda huɗu na gaba sun yi baƙi, sun guntule har kusa da dasashi.

“Opah, me take sha?”

“Abin gina jiki kawai, 'yata. Ni ba na ba ta alewa. Barewa nake ba ta.”

“Da madarar gwangwani?”

“To da me? Yaro ai sai da madara.”

Misi ta ja kujera ta zauna, irin zaman wanda ya faɗi magana ɗaya har ta gundure shi. Ta ce garin nan, in aka ɗebi cokali biyar, wajen biyu sukari ne, tun kafin a ƙara masa komai. Abin da ke cikin ƙaramin gwangwanin kuma, wanda kowa yake kira madara, yawancinsa sukari ne da man kwakwar manja, madarar cikinsa kaɗan ce. In yaro ya kwanta da zaƙi a baki, yawu yana raguwa a barci, sai zaƙin ya kwana yana aiki a kan haƙora.

“Amma an rubuta yana da bitamin,” in ji Opah. “Har da maganin ƙarancin jini. Marigayi ya karanta mini.”

“Yana da su, ba ƙarya suka yi ba. Amma kamar a ɗaure miki kifi ɗaya ne a cikin buhun sukari a ce kin sayi kifi. Ƙwai, kifi, ganye, madara ta gaske, sun fi shi. Kofi ɗaya jefi-jefi tare da abinci ba laifi ba ne. Amma ita wannan kin cika mata ciki da shi, ina shinkafa za ta shiga?”

“Ai don ba ta ci ne nake ba ta.”

“Don kina ba ta ne ba ta ci, Opah.”

Tsohuwa ta ce, da 'yar murya, “Ni dai nawa kosong nake sha.”

Misi ta dube ta, ta buɗe baki, sai kuma ta ji tausayi ta rufe.

Aka sa ranar cire haƙoran. Uwar yarinyar, Rosnani, ta taho daga Penang idonta jajir. Bayan an gama, an dawo gida Balqis tana cije da auduga, Rosnani ta tsaya a ƙofar kicin ta ce wa uwarta, “Mak, wannan ne karo na biyu. Bara na ce ki rage, kika ce kin daina, na samu gwangwani a cikin buhun shinkafa.”

“Ke ma da shi na raine ki, ga ki nan da haƙoranki.”

“Rabinsu ciko ne, Mak! Ki saurare ni. Ƙarshen wata zan dawo tare da Shukri, baban yarinyar nan. In na ga gwangwani ko ɗaya a gidan nan, ko ɗaya, zan tafi da 'yata. Akwai gidan raino kusa da mu.”

Gidan raino! Kalmar ta shiga ƙirjin Opah kamar ƙaya. Tun kafin motar haya ta ɓace a kwana, ta tattara gwangwanayenta, har da na cikin buhun shinkafa, har da na bayan hoton marigayi, ta kai wa mai shagon shayi na bakin gada. Bulumbotin ta jefa a shara.

Kwanakin da suka biyo baya yaƙi ne. Balqis ta yi birgima, ta yi jifa da cokali, ta ce ba ta son Opah, ta ce za ta gaya wa 'yan sanda. Opah takan shiga ɗaki ta share hawaye ta fito da fuskar soja. Ita ma ta daina shan nata, don kada ƙamshin ya tona. Sai ga shi wata safiya yarinyar da ba ta da haƙoran gaba ta zauna ta cinye kunun shinkafa da dagargajajjen kifi, ta miƙa kwano ta ce a ƙara. Washegari ta ci ƙwai. Opah ta tsaya tana kallonta tana taunawa da gefen baki, kamar wadda take kallon fitowar wata.

Abin da ta manta shi ne mutanen ƙauyenmu masu zumunci ne.

A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kuma tun zamanin kakanni abin da ake kai wa mara lafiya sananne ne: gwangwanin malti, in da hali a haɗa da na madara, don ya samu ƙarfi. Labarin cire haƙoran ya yi jinkirin zagayawa saboda an yi biki a ƙetaren kogi, sai ranar Asabar ɗin ƙarshen wata matan ajin karatun masallaci suka yi gayya suka zo. Kowace da ledarta.

“Sannu, Sepiah, ashe abin da ya faru ke nan,” in ji Mak Andak, babbar ƙawarta, tana dire gwangwani mafi girma a kan tebur. “Ga wannan, a dama wa 'yar nan ta farfaɗo.”

“Andak, ai shi ne ya...”

“Shi ne me? Kada ki ce mini kin zama likita da tsufanki. Jikokina tara, duk da shi suka tashi.”

“Shi ya sa ukunsu ba sa murmushi a hoto,” in ji wata daga baya, aka kwashe da dariya.

Mayar da kyautar dubiya kamar ka ce wa mutum ba ka son addu'arsa ne. Opah ta karɓa, ta yi godiya, gwangwanaye suka hau kan juna a tebur kamar hasumiya. Baƙi kuma ba a barinsu da busasshen maƙogwaro, ga shi ganyen shayinta ya ƙare. Ta buɗe ɗaya ta dama musu, tana cewa a ranta da sun tafi za ta kwashe komai zuwa bakin gada. Rosnani ai sai gobe.

Tana kicin tana ɗauraye cokali, Mak Andak ta jawo Balqis jikinta. “Zo nan, 'yar giɓi. Kakarki ta zama azzaluma, ko? Ha bakinki.” Ta ɗebo busasshen garin a cokali ta zuba mata.

A daidai lokacin mota ta tsaya a ƙofar gida. An ba Shukri hutun Asabar.

Rosnani ta yi sallama ta shigo. Ta ga hasumiyar gwangwanaye. Ta ga kofuna da guntun ruwan ƙasa-ƙasa a gindinsu. Ta ga 'yarta, baki da haɓa duk gari, tana lasar leɓe cikin ni'ima. Ta gaishe da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta sumbaci hannun manya kamar yadda aka koya mata, sannan ta wuce ɗaki ta fara ninke kayan yarinya.

Opah ta bi ta ɗakin. “Nani, tsaya ki ji. Na dubiya ne. Wallahi tun ranar ban ba ta ba. Tana cin shinkafa yanzu, har ƙari take nema. Balqis, gaya wa mamanki me kika ci jiya.”

Balqis ta yi tunani, ta ce, “Barewa ta fi daɗi.”

“Ni ce na ba ta, 'yar nan,” in ji Mak Andak daga ƙofa. “Cokali ɗaya tak, don ta ji ƙarfi.”

“Na gode, Mak Andak. Bara ma buhun shinkafa ne ya ba ta.” Rosnani ta zuge jaka. “Mak, ba don ba na ƙaunarki ba ne.”

Da aka sa Balqis a kujerar baya ta gane ba da Opah za a tafi ba, sai ta fasa ihu, tana dukan gilashi da tafin hannu. Shukri, mutumin kirki wanda ba ya jure kukan yaro, ya laluba aljihun mota ya ciro ɗan kwalin madarar cakulan, ya soka tsinken zuƙa ya miƙa mata.

“Abang, wannan fa?” Rosnani ta tambayi mijin nata.

“Wannan ai madara ce ta gaske, duba, an rubuta tana ƙarfafa ƙashi. Katan guda na saya mata a gida.”

Kukan ya tsaya cak. Motar ta tashi. Opah ta biyo ta da gudu, ba takalmi, gudun da rabonta da shi tun ranar da Mat Desa ya ba ta kofinsa, tana ɗaga hannu tana kira, “Shi ma da sukari! Ku ba ta ruwa ta kurkure baki! Ƙwai take so, dafaffe!” Ta gilashin baya suka ga tsohuwa tana ɗaga hannu, su ma suka ɗaga mata.

Ta dawo tana haki, ta zube a kan matakalar gida. Matan suka kewaye ta, wannan tana fifita, wannan tana salati. Mak Andak ta dubi fuskarta ta girgiza kai.

“Dubi yadda ta yi fari fat. Ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Ke, shiga ki damo mata mai kauri.” Ta ɗaga murya ta bi mai shiga kicin da gargaɗi: “Kosong fa! Tana da ciwon sukari.”