Fuskar Zauren Liman

"Baba Jibo, kar ka motsa!"

Ko Ramatou ba ta faɗa ba, Jibo magini ba shi da halin motsi. Yana can saman tsani, ƙirjinsa manne da bango. Falle guda na tsohon adon zauren Liman ya rabu da gini ya kwanto masa.

"Ɗiyata, yana tahowa," ya ce. "Wallahi ina jin shi yana numfashi."

Ramatou ma'aikaciya ce daga Yamai. Ita ta zana hoton yadda fuskar zauren wannan ƙauye na kusa da Illela za ta kasance bayan gyara: tsohon ado da baƙin tawada, ba a taɓawa, inda za a sa sabon yaɓe kuma da ja-ja, launin ƙasar wurin. Abin da Jibo ya tallabe duk baƙin tawada ne a zanen. Kuma kakansa ne ya fitar da shi da hannunsa.

Bara aka shafe ƙasan bangon da siminti. Ruwan indararo ya shige baya, ya rasa mafita, ya jiƙa ginin ta ciki. Yau da Jibo ya ɓamɓare simintin, sai yaɓen sama ya saki.

Liman ya fito da tasbaha. "Ka sake shi ka sauko, Jibo! Ƙasa ce fa!"

"Allah gafarta Malam, in ya faɗi, da wane ido zan bi ta ƙofar ga?"

Tsanin ya goce. Ramatou ta yi ƙara, ta danne shi da kafaɗa. Maƙwabta suka rugo da katako, suka naɗe katakon da bargo, suka kara shi a jikin adon, suka tokare da azara biyu. Jibo ya zare jikinsa a hankali. Sai ji suka yi tim! Kusurwar dama ta faɗo ta watse.

Ya sauko ya tsuguna yana tattara ɓaraguzai.

"Na kashe shi."

"Sauran na nan, Baba." Ta shimfiɗa zanen a gabansa. "Duba, ga yadda layin ya lanƙwasa. Na auna shi tun kafin ka hau."

Suka dama yumɓu ruwa-ruwa, suka riƙa tsiyaya shi kaɗan-kaɗan a bayan fallen, suna jira ya sha. Da ya kama, Jibo ya kwaɓa ƙasar tsohon kududdufi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya gwada a gefe har ya bushe launi ɗaya da na da. Ya mayar da kusurwar, amma ya ɗan nutsar da ita, don mai ido ya san inda kaka ya tsaya, jika ya kama.

Ranar da suke cire azarar, wata babbar mota ta tsaya, shaƙe da buhunan siminti. Wani mai baƙin tabarau ya diro.

"Nan ne gidan Liman? Ɗansa ya aiko ni daga Konni. Ya ce a shafe bangon duka, sama da ƙasa, kafin Juma'a."