Milimita Biyar

Kanta ce ta sunkuya, amma kafin azahar kowa a kamfanin ya riga ya yanke hukunci cewa Baba Mai Walda ɓarawo ne.

Kantar ta ɗakin ajiyar takardu ce a wani ofis. Ƙarafa takwas ne ke fitowa daga bango suna tallafe katakonta, waɗanda ma'aikata ke kira hannu. Da aka jera akwatunan takardu a sama, sai bakin kowane hannu ya yi ƙasa, har ya danne akwatunan da ke jere a ƙasa. Mai sito ya ja ɗaya ya ƙi fitowa, ya ja da ƙarfi marfin ya yage. Shi ke nan ya ɗaga waya, kuma mutum ne da ba ya magana sai da kwarmato.

Ƙaramar Injiniya ce ta yi lissafin hannayen. Wata bakwai ke nan da fara aikinta, kuma har yanzu takan duba jimla ɗaya sau uku kafin ta yarda da ita. Lissafinta ya ce bakin hannu zai yi ƙasa da milimita ɗaya. Da ta je ta ja zare daga bango ta auna, biyar ta samu.

Babban Injiniya ya kira ta ofis. Mutum ne mai ƙiba da sanyin murya, kullum da jan biro a aljihun gaba, wanda duk kamfanin ba mai taɓa irinsa sai shi.

"Lissafinki daidai ne ko?"

"Na sake dubawa, Yallaɓai. Daidai ne."

"To, idan lissafi daidai ne, ƙarfe ne ba daidai ba. Kin san surukin Baba tsofaffin ƙarafa yake sayarwa a kasuwa?"

Ta ce ta taɓa ji.

"Rubuto mini wasiƙa, ki bayyana cewa ƙarfe mara kyau aka sa. Ranar Alhamis zan haɗa ta da takardar sallamarsa in kai wa mai kamfani. Shekara ashirin da biyu yana aiki a nan, ai ta isa."

Ta fito ranta a jagule. Baba Mai Walda abokin mahaifinta ne tun suna samari, shi ya kawo takardunta kamfanin nan a cikin leda, kuma kullum da safe sai ya zuba mata shayi a murfin fulas ɗinsa yana cewa, "'Yata, sha kafin lambobi su shanye ki." Amma zargi ba ya jin kunyar shayi. Tana sauka daga bene ta fara tuna abubuwa. Ashe ba makon jiya ta gan shi da sabon keke ba? Kuma me ya sa yake kulle akwatin kayan aikinsa da kwaɗo biyu? Ta ji haushin kanta, amma tunanin bai tafi ba.

Wani abu kuma ya tsaya mata a rai. Me ya sa Yallaɓai bai nemi ganin lissafin ba? Mutumin da ke zagaye waƙafi da jan biro, yau ya yarda da ita daga faɗa ɗaya?

Washegari ta koma ɗakin ajiyar, ta sa mai sito ya sauke akwatunan yana gunaguni. Ta sake jan zare. Hannayen sun koma daidai, kamar ba su taɓa ɗaukar komai ba. Ta haska waldar da fitilar waya, babu tsaga ko ɗaya. Notunan bango suna nan daram. Ta auna kaurin hannu ɗaya, milimita shida, faɗinsa milimita arba'in, yadda ta rubuta.

Nan ya kamata hankalinta ya kwanta, amma ina. Ta ce a ranta watakila wannan ɗaya ne na kirki. Lokacin hutun rana, da ta ga Baba ya fita alwala, ta lallaɓa ta shiga rumfar walda. Ta tsuguna gaban tulin guntayen ƙarfe tana ɗauka tana aunawa. Shida, shida, shida. Sai ta ga akwatinsa ba a kulle ba. Ta duba hagu ta duba dama, ta ɗaga murfin.

Ba abin da ke ciki sai safar hannu, gilashin walda, maganin ciwon gwiwa, da takardun zane a naɗe da roba. Ta warware na kantar. Inda ta rubuta tsawon hannu santimita arba'in, an soke da jan biro, an rubuta sittin.

Ta sake karanta lambar. Duk aune-aunen da ta yi, kauri da faɗi take bi, don ɓarawo take nema. Tsawo yana gabanta tun jiya, ba ta ɗora masa tef ba. Ta ce a ranta, ashe haka ne, Yallaɓai. Kai ka ƙara, kai kuma kake neman wanda zai ɗauka. Har ta fara jin daɗin fushinta, sai idonta ya sauka ƙasan takardar. Kusa da jan rubutun akwai sa hannu da baƙin biro, na wanda ya duba gyara ya amince. Nata ne. Ta tuna ranar, ana jiran ta a mota, an miƙo mata takardu tara ta rattaba musu hannu a kan bonet.

"Kin samu abin da kike nema, 'yata?"

Baba ne tsaye a bakin rumfa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bai dubi takardar ba. Guntayen ƙarfen da ta jera a ƙasa yake kallo, da ma'aunin da ke hannunta.

"Baba, zane nake dubawa."

"Ai da kin tambaya. Ban taɓa hana ki komai ba."

Ya ɗauki guntayen ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin tuli. Ba ta san lokacin da ta fita ba.

Ta zauna a teburinta ta rubuta wasiƙar. Sau huɗu tana yagawa, domin duk wadda ta rubuta sai ta ga ta ɓoye wani, ko Yallaɓai ko ita kanta. Ta biyar ce ta kai.

"Yallaɓai,

"Ka umarce ni in bayyana dalilin da hannayen kanta suka yi ƙasa da milimita biyar maimakon ɗaya. Na auna ƙarfen, a bango da kuma guntayen da suka rage. Kauri shida ne, faɗi arba'in, kamar yadda zane ya ce. Walda lafiya, noti lafiya. Da aka sauke kaya hannayen sun koma daidai, wato ƙarfen bai lanƙwashe na dindindin ba. Ko da an sa ƙarfe mai daraja fiye da wannan, sunkuyawar ba za ta ragu ba, domin daraja tana ƙara nauyin da ƙarfe zai jure kafin ya lalace ne, ba ta ƙara masa tauri.

"Dalilin shi ne tsawo. Na yi lissafi a kan santimita arba'in da kilo tamanin a kowane hannu. An mayar da tsawon sittin don manyan akwatuna su zauna, wato ɗaya da rabi na da. Sunkuyawa tana bin tsawo sau uku a jere, ɗaya da rabi sau ɗaya da rabi sau ɗaya da rabi, ya ba da uku da ɗoriya. Kanta mai faɗi kuma ta ɗauki ƙarin kaya, kilo ɗari da ashirin, wani ɗaya da rabin ke nan. Gaba ɗaya ninki biyar.

"Gyaran tsawon da jan biro aka yi shi. Ni na sa hannu na amince ba tare da na sake lissafi ba. Mai walda ya yanka abin da aka ba shi ne.

"Shawarata ita ce a sauya hannayen da ƙarfe mai faɗin milimita saba'in, kauri shida, tsaye a kan gefensa kamar na yanzu. Ƙara kauri zuwa sha biyu zai rage rabi ne kawai, amma wannan faɗin zai mayar da sunkuyawar ƙasa da milimita ɗaya. A ɗaga kantar da santimita uku don akwatunan ƙasa su samu hanya. A ƙara noti ɗaya a saman kowane hannu, domin jan da ake yi wa na sama ya ninka fiye da sau biyu. Kafin a gyara, kada a mayar da kaya, ƙarfen ya kusa iyakarsa."

Ranar Alhamis da safe ta ajiye wa Babban Injiniya wasiƙar tare da zanen. Ya karanta a hankali, ya koma farko ya sake. Ya zaro jan bironsa. Ya daɗe yana kallon sittin ɗin nan.

"Ni na rubuta wannan?"

"Biron dai ja ne, Yallaɓai."

"Mai sito ne ya dame ni a waya. Wallahi na manta."

Ta dubi fuskarsa tana neman gaskiya, ba ta ga komai ba sai gumi a saman leɓe, ga kuma fanka a kashe. Har yau ba ta san ko ya manta ɗin ba. Ya rubuta "A yi haka" a gefen wasiƙar, ya sa hannu. Takardar sallamar ya jefa a aljihun tebur, bai yaga ba, wannan ma ta lura.

Baba Mai Walda ya yi sabbin hannayen a kwana biyu. Aka ɗora kaya ta ja zare, ko milimita ɗaya bai cika ba. Ta yi murna ƙwarai, ta yi shirin zuwa rumfa da safe ta ba shi haƙuri, har ta tsara kalmomin a hanya.

Da ta iso ofis ta tarar da guntayen ƙarfe takwas jere a teburinta, daga kowane hannu ɗaya, an rubuta awonsu da alli. Ta kwashe su ta nufi rumfa. Yana zaune yana shan shayi, murfin fulas ɗin a ɗaure a kansa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Don kada ki sha wahalar tsuguno ne," in ji shi. "Daga yau kowane aiki zan riƙa aiko miki da su, Injiniya."