Tambaya ta Bakwai

Ranar da Lailatu ta fara aiki a shagon maganin gona a Isa, Manaja Na'Allah ya ɗora tabarau ya ce sai ya jarraba ta. Bita ta kwana biyu ya taɓa yi a Sakkwato, tun daga nan bai sake cewa bai sani ba.

"Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba mai kisa. Gaskiya ko ƙarya?"

"Gaskiya."

Haka suka tafi lafiya har tambaya ta bakwai.

"Ƙwayar turaren wake mai kashe ƙwari, in ruwa ya taɓa ta ƙarfinta ya mutu."

"Ƙarya, Yallaɓai. Iska mai guba take fitarwa. Jikin gwangwanin ma an rubuta a nesanta shi da ruwa."

"Kin faɗi! Gaskiya ce. Ni da kaina na zuba wasu cikin bokitin ruwa ɗazu, da gwangwani ya fashe. Shina can cikin sito. Maza ki ɗauko ki zubar, ki koyi aiki."

Sai a lokacin ta gane warin tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi da ke biyowa ta ƙasan ƙofar siton. Sito ne ba taga. Ta juya takardar tambayoyin da ke gabansa, ta nuna masa amsar da aka buga a baya: ƙarya.

"Kuskuren masu bugawa ne," in ji shi.

"To ni dai waje za ni, Yallaɓai, kuma kai ma ka fito."

Ya yi tsaki, ya gyara tabarau, ya kama mariƙin ƙofar siton.