Shafi Takwas na Ummulkhairi

Ƙarfe tara na safe ne, ruwa na ta yayyafi a Kaduna tun asuba. Ummulkhairi ta shigo ofis da jiƙaƙƙen mayafi, ta zauna a teburinta ba ta ko nemi shayi ba. Yau watanta na gwaji zai cika. In Hajiya Talatu, shugabar ƙungiyar, ta ce ta zauna, ta samu aiki. In ba haka ba, sai gida.

Aiki ɗaya aka ba ta a watan. Saƙo ne na Instagram mai shafi takwas, irin wanda ake ja da yatsa, a gargaɗi matasa kan 'yan damfarar aikin bogi. Daga masu ba da tallafi ya zo da Turanci. Ita kuwa ta zauna ta rubuta shi yadda ake magana. Shafin farko ta sa: "An ce sai ka biya kafin a ɗauke ka aiki? Dakata tukuna." Kowane shafi magana ɗaya, gajeruwa, ta bar mutum da son ganin na gaba.

To, masu tallafin suna da ƙa'ida. Duk abin da aka rubuta da Hausa sai an mayar musu da shi Turanci sun gwada da nasu. Suka gwada, suka ce layi bai hau kan layi ba. Sai aka miƙa wa Malam Sidi, tsohon mai fassara na ofishin, ya bi kalma-kalma. Nasa ya fara da: "Kasance mai sane da jajayen tutoci na zambar ɗaukar aiki." Wannan kam da aka mayar da shi Turanci, ya koma gida lafiya lau. Aka sa hannu, aka saka a shafin ƙungiya.

Kwana goma ke nan. Mutum huɗu suka tura wa wani, biyu a ofishin suke.

Wajen sha ɗaya Hajiya ta kira su, ita da Malam Sidi. Ta ajiye wayarta a tebur, ta juya musu fuskar wayar.

"Ku duba min nan. A rukunin 'yan uwanmu na WhatsApp na gani. Ɗana ma ya sa a nasa, shi da ko saƙona ba ya buɗewa."

Ummulkhairi ta leƙa. Nata ne, wanda aka ƙi. Kafin a manna tambarin ƙungiya ta tura wa ƙanwarta don ta ji ko yana shiga kunne, ƙanwar kuma ba ta iya riƙe abu. Ga shi a takardar da ta sa wa hannu an rubuta ƙarara: wanda ya fitar da aikin da ba a amince da shi ba, korarre ne.

"Kin ga yadda masu aiki ke aiki?" in ji Hajiya. "Kamar yayarka ce ke ja maka kunne. Mu kuwa muna nan muna ɗaga wa mutane jajayen tutoci, sai ka ce 'yan kwana-kwana. Ke da aka ɗauko don ke yarinya ce, me ya hana ki yin irin wannan?"

Hajiya ba ta taɓa karanta na farkon ba. Wasiƙar ƙin amincewa kawai ta gani. Amma Malam Sidi ya karanta shi, har da jan biro. Ya ɗauki wayar, ya gyara tabarau, ya ja shafukan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ummulkhairi tana kallon yatsansa.

"Hajiya, tutocin nan dai nawa ne, kada a ɗora wa yarinya," ya ce. "Shekara talatin ina fassara, ban taɓa ganin mutum da tuta a bakin damfara ba. Sun ce in sa, na sa."

"To ya za a yi, Malam?"

"Ki bar ta ta kwaikwayi masu wannan. Na ga kamar hannunta zai iya. Ni kuma in rubuta wa masu tallafin bayanin kowane shafi, ma'ana da ma'ana, in haɗa musu da yadda wannan ya yaɗu. Su ma ai lamba suke so."

Hajiya ta dubi Ummulkhairi sama da ƙasa.

"Za ki iya kuwa? Ba wai ki kwafa ba fa, kada a ce mun yi sata."

"Zan ƙoƙarta, Hajiya."

"Shi ke nan, ki zauna. Amma ki dage, 'yata. Waɗannan sun yi miki nisa."

Suka fito. A baranda Ummulkhairi ta buɗe baki, Malam Sidi ya riga ta.

"Shafi na shida ya yi tsawo, rubutun har ya taɓa gefe. A gaya wa masu shi su rage."

Ya laluba aljihu ya ciro jan bironsa, ya ajiye mata a kan taga, ya buɗe lema ya gangara neman ƙosai.