Amsoshi Goma Sha Biyu a Takarda Ɗaya

A asibiti Sista ake ce mata, a gida kuwa har yau Auta ce, duk da 'ya'yanta uku. Shekararta shida a sashen masu ciwon suga, tana amsa tambayoyi iri ɗaya har bakinta ya haddace su. Shi ya sa da aka ce a rubuta takardar da za a riƙa ba waɗanda aka fara ɗora wa allurar insulin, babbar sista ta ɗora mata aikin.

"Tambaya goma sha biyu, takarda ɗaya, gaba da baya," in ji babbar sista. "Kowace amsa layi huɗu. Haka ya fi kyan gani."

Sista ta yi yadda aka ce. Inda amsa ta gaza layi huɗu ta yi mata ciko, inda ta zarce ta datse. Da aka buga gwaji, takardar ta fito tsaf, gwanin sha'awa.

A satin ne likita ya ɗora Kawunta a kan insulin. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi, mutum mai son a gaya masa abu sau ɗaya a ƙyale shi. An nuna masa yadda ake allurar a ɗakin sista, yana ta gyaɗa kai yana kallon ƙofa. Ta ba shi kwafin gwajin ta ce ya karanta a gida.

Ranar Asabar da hantsi ta je duba shi. Ta tarar da shi a kujerarsa ta falo, tabarau a karan hanci, takardar a ninke cikin aljihun gaba.

"Kawu, ina kwana? Ya jikin?"

"Jiki da sauƙi, Auta. Sai dai maganin nan naku ba ya ji. Suga na nan inda na bar shi."

Ta karɓi littafin da yake rubuta awo ta duba. Gaskiyarsa, lambobin sun ƙi sauka yadda ake so. Ta ce ya nuna mata yadda yake yi, ba tare da ya soka ba. Ya ɗauko biron insulin, abin allurar mai siffar biro, ya nuna yadda yake ɗaura allura, ya murɗa adadin, ya kai cinya, ya danna, ya zare nan take.

"Kawu, ba ka fitar da iska ba. Kuma ba ka jira ba."

"Wace iska? Wane jira?" Ya zaro takardar ya miƙa mata. "Karanta. Ɗaura allura, murɗa adadi, soka, danna. Abin da kika rubuta na bi. Ai shi ya sa nake ganin ruwa na biyo cinyata, na ɗauka haka abin yake."

Ta karanta. Ita ce da hannunta ta cire waɗannan matakan don amsar ta tsaya a layi huɗu.

Matar Kawu ta leƙo daga kicin. "Auta, tambaye shi inda ya kai sauran birukan biyu."

"Na adana su," in ji Kawu. "Wuri mafi sanyi a gidan nan."

Sista ta tashi ta buɗe saman firij, wurin ƙanƙara. Ga birukan nan biyu a gefen ledar nama, sun daskare. Ta tsaya riƙe da su, sanyin na cin yatsunta.

"Waɗannan sun tashi aiki, Kawu. Insulin in ya daskare, ko ya narke ba a amfani da shi."

"To ai takardarki ta ce yana son sanyi."

Ta duba tambaya ta uku: ko za a iya sa insulin a wurin ƙanƙara. Amsar ta fara da cewa insulin magani ne mai son sanyi, zafi na lalata shi, ya kamata a kula da ajiyarsa. Sai a ƙarshen layi na huɗu aka ce kada a bari ya daskare.

"Ni da na ga sanyi, na ga zafi na lalatawa, ai na gama," in ji Kawu. "In na tambayi mutum hanyar nan na ɓullewa, e ko a'a nake jira. In ya fara ba ni tarihin wanda ya yi titin, na riga na taka mota."

Matarsa ta yi dariya. Sista ba ta yi ba. Ta zauna a hannun kujera, ta bi da shi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita har sau biyu. Ta ce kada ya ƙara adadin da kansa, ranar Litinin ya zo a ba shi wasu birukan, likita ya ga littafin.

Da ta koma gida ta baje takardar a teburin cin abinci. Wannan karon ba ta ƙirga layi ba. Kowace tambaya sai ta tsaya ta yi tunanin abin da mai tambayar zai yi da hannunsa in ya gama karantawa. Ta uku ta koma layi ɗaya: "A'a. A cikin firij, ba wurin ƙanƙara ba. Wanda ya daskare a yar." Ko a sake amfani da allura: "A'a, sabuwa kowane lokaci." Kwana nawa biron da aka buɗe yake yi, ta so ta rubuta lamba kawai, sai ta tuna ba duka iri ɗaya ba ne. Ta rubuta cewa yawanci kwana ashirin da takwas, a duba takardar cikin kwalin, a rubuta ranar da aka buɗe.

Ta yin allura kuwa ta cinye rabin shafi, mataki goma: wanke hannu, duba suna da ranar lalacewa, mirgina biron a tafin hannu in irin mai fari kamar madara ne, sabuwar allura, murɗa biyu a danna, allura na kallon sama, har ɗigo ya fito, murɗa adadin da likita ya ce, sauya wuri a ciki ko cinya, soka a danna har lamba ta dawo sifili, ƙirga goma kafin a zare, cire allurar a jefa a robar da ke da murfi.

Ranar Litinin babbar sista ta juya takardar gaba da baya, ta taɓe baki.

"Wannan kamar haƙoran tsoho. Wani dogo, wani guntu."

Sista ta ajiye mata birukan biyu a tebur, ta ba ta labarin Kawu. Babbar sista ta sake karantawa a hankali, yatsa a kan layi. Ta tsaya a tambaya ta tara, abin da za a yi in suga ya faɗi.

"Nan kin fara da alamomi. Mai rawar jiki ba zai kai layi na biyar ba. Sa abin da zai sha a sama, bayanin ya biyo baya."

Sista ta gyara a take. Sai babbar sista ta kai ta ƙarshe, wadda marasa lafiya kan yi da murya ƙasa-ƙasa: ko za su taɓa daina allurar. Ƙarƙashinta babu komai.

"Wannan fa?"

"Na rubuta gajere, ya yi kama da kora. Na rubuta dogo, ya yi kama da alkawari. Kuma amsar wani ba ta wani ba ce."

Suka zauna suna kallon gurbin. A waje an fara kiran lamba, benci ya cika. Daga ƙarshe babbar sista ta ɗauki fensir ta rubuta: "Ya danganta da irin ciwonka. Zo mu zauna mu yi maganar."

"To sai ki tanadi kujera," ta ce, ta miƙa mata takardar. "Za su zo."